Mun ci 2-1, amma sai da muka sha wuya

Jiya da yamma kulob ɗinmu na unguwa ya doke baƙinsa da ci 2-1, har yanzu muryata a dishe take. Su suka fara zura mana ƙwallo daga kwana, don 'yan bayanmu sun tsaya kallon ƙwallo, ba wanda ya riƙe dogon ɗan wasansu. Bayan hutun rabin lokaci koci ya mayar da lamba bakwai gefen hagu, inda mai tsaron bayansu ya gaji. Daga can aka rafke shi, muka farke da fanareti, ta biyu kuma da ka. Wallahi golanmu ya cece mu a ƙarshe.

Asabar mai zuwa mu ne baƙi, ƙarfe 4:30 bayan La'asar. A gyara tsaron kwana kafin nan, don Allah.