Adashin da na rubuta a layin ajiya

Shekara shida ina da al'ada ɗaya. Duk makon farko na Janairu nakan ɗauko wani littafi mai jan bango, in rubuta abin da ke shigo mini, abin da ke fita, da abin da na ajiye. Kuma duk shekara idona kan lamba ɗaya yake tsayawa: naira 420,000 da na ware a banki saboda ɓacin rana. Da na ga tana nan sai in rufe littafi.

Lokacin da na tara kuɗin nan ina gwauro, naira 70,000 ke riƙe ni a wata, wato ajiyar wata shida ke nan. Na yi aure, Allah Ya ba mu 'ya mace, aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin mota da na cefane suka tashi. Kafin in ankara gidana na cin naira 170,000 a wata. Lambar banki ba ta motsa ba, amma wata shida sun koma wata biyu da rabi. Ban taɓa raba ta da kuɗin wata ba, ko sau ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne adashi. A Janairun 2024 muka haɗu mu goma a wurin aiki, zubi naira 40,000. Na roƙi uwar adashi aka ba ni ɗauka ta biyu, na karɓi naira 400,000 a Fabrairu, na sayi fuloti a bayan gari. Da hannuna na rubuta adashin da fulotin a layin ajiya, ina jin daɗi. Alhali wanda ya yi ɗauka da wuri bashi ya ci. Naira 80,000 kawai na zuba a lokacin, sauran 320,000 kuɗin mutane ne.

Ƙarshen Afrilu aka rage ma'aikata, sunana na ciki. Daren nan na buɗe littafin, Maman Hanifa na zaune gefena tana jijjiga yarinya a kafaɗa. Saura zubi shida, naira 240,000. Na cire daga 420,000, abin da ya rage 180,000. Wata ɗaya ke nan da ɗan canji. Ta leƙo shafin ta ce, "Baban Hanifa, ai wannan ba ajiya ba ce, bashi ne." Ban iya ce mata komai ba.

Na ɗauka kuɗin fansho za su cece ni nan take. Dokar fansho ta 2014 ta yarda wanda ya rasa aiki kafin ya kai shekara 50 ya cire kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusunsa, amma sai ya yi wata huɗu bai samu wani aikin ba. Ga takardar sallama daga aiki da za a nema, ga sabunta bayanai da lambar shaidar ɗan ƙasa, wanda ban taɓa yi ba. A nan na tarar har yanzu sunan mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ke wurin makusanci, shekara biyu bayan aurena. Inshorar lafiyar da muke zuwa asibiti da ita ma ta tafi da aikin, daidai lokacin da damina ta kawo zazzaɓin cizon sauro.

Wata huɗun nan su suka ci fulotin. Ba zan iya kallon abokan aikina in ce ba ni da zubi ba, bayan na riga na kwashi kuɗinsu. Dillali kuwa ya ga gaggawa a fuskata. Bayan la'ada, naira 310,000 suka shigo hannuna. Asarar naira 90,000 a cikin 'yan watanni, saboda abu ɗaya da na rubuta a layin da ba nasa ba.

Yanzu da na samu wani aikin, littafin ya canza. Ajiyar ɓacin rana da watanni nake rubuta ta, ba da naira ba, kuma kuɗin watan da nake raba ta da shi ya haɗa da haya, da magani, da duk wani zubi da ke kaina. Fili ba ya shiga wannan lissafi, tunda ba ya zama kuɗi a ranar da ake so. Adashi ban daina ba, sai dai ɗauka ta ƙarshe ko ta kusa da ƙarshe nake nema, in ma na ɗauka da wuri ragowar zubin layin bashi yake tafiya.

Na kuma daina jiran Janairu. Da likita ta tabbatar mana da ciki na biyu a watan jiya, a makon muka zauna ni da Maman Hanifa. Muka rubuta kuɗin awo, da na haihuwa, da ragon suna, muka ware wani abu ko da za a yi tiyata, muka cire kuɗin ɗinkinta na wata uku daga abin da ke shigowa. Da muka raba, wata uku da kwana goma muke da su. Muna neman shida kafin ta sauka.