Daga Yamai zuwa Tawa saboda hoto guda

A akwatin ƙarfen marigayi Baba na tsinci hoton: wata budurwa zaune a kan kujera, da lalle a hannu, ba wanda ya san ta a gidanmu. A bayansa akwai hatimin wani shagon hoto na Tawa, da lamba da aka rubuta da fensir, 318/7. Na rubuta wa shagon wasiƙa na ba wani direba, ina tambaya ko sun ajiye tsofaffin kilishe, kuma ko kilishe zai iya nuna wace ce. Kilishe fa, baƙin fim ɗin da ake wanke hoto daga gare shi, ba kilishin nama ba. Direban ma sai da ya yi dariya.

Bayan mako uku ɗan mai shagon ya kira ni. Ya ce mahaifinsa ya rasu, amma kayan suna nan, in zo da hoton da kaina.

Mun tashi daga Yamai da asuba. Doso, Dogon Dutsi, Birnin Konni, sannan a Tsarnawa muka karkata arewa. Tafiyar ta haura kilomita 500, sai bayan la'asar muka shiga Tawa, ƙura har cikin kunne.

Da safe ya kai ni ɗakin ajiya a bayan shagon. Yana buɗe ƙofa warin tsami ya buge ni, kamar an zubar da binegar. Ya ce wannan warin shi ne alamar fim ya fara ruɓewa. Zafi da laima ne ke cin robar, ta ƙanƙance ta lanƙwashe, fatar da hoton ke kai ta tattare, kuma in ya fara ba ya komawa. Kwalaye biyu da ruwan damina ya taɓa duk sun manne da juna, sun tashi aiki.

"Malam, kilishe ba ya faɗin suna," in ji shi. "Fuska kawai yake riƙewa. Suna yana cikin littafi."

Sai ya fassara mini lambar. Kyamarar mahaifinsa tana cin fim mai faɗi, kowane hoto santimita 6 a kan 6, nadi guda hoto 12. To 318 lambar nadin ce, 7 kuma hoto na bakwai a cikinsa. Tsohon yakan yanka fim uku-uku, ya sa a ambulan, ya rubuta lambar a kai. Mun fi awa biyu muna juya ambulan kafin muka same ta, Allah ya sa tana cikin kwalin da ke sama.

Ya riƙe fim ɗin ta gefe-gefe, ya hana ni taɓa fuskar da ba ta sheƙi, don nan hoton yake kuma yatsa na barin tabo. Ya ɗora shi a kan farin hasken wayarsa, na ɗauka da tawa, muka juya launin, baƙi ya koma fari.

A nan na ga amfanin zuwan. Kilishen murabba'i ne, hoton hannuna kuwa dogo ne, ashe an datse gefe biyu wajen wanki. A gefen da aka datse ga kafaɗar wani namiji da hannun riga. Hoto na 8 kuwa su biyu ne, ita a zaune, shi a tsaye, labule ɗaya, tabarma ɗaya. Baba ne, ko gemu bai yi ba. Na 9 wani soja ne da ba ruwansa da su, layi kawai ya biyo.

Littafin shagon ya ba da shekara, 1974, shekarar da Kunce ya karɓi mulki. Sai dai a gaban 318/7 da 318/8 sunan Baba kaɗai aka rubuta, da adadin hotunan da ya biya. Mai shago ba ruwansa da wanda ya zauna a kujera, wanda zai zo karɓa yake rubutawa. Iyakar abin da shagon zai iya ba ni ke nan: shekara, da tabbacin cewa tare suka zo.

Na biya aka wanke mini na 8 babba, na nufi gidan Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda rabona da ita tun sadakar arba'in. Na taɓa aika mata hoton budurwar ta waya, ta ce ba ta gane ta ba. Wannan karon ta kai shi bakin ƙofa wajen haske, ta daɗe tana kallo.

"Wa ya ba ka wannan, ɗana?"

Na faɗa mata. Ta ce rigar da ke jikin Baba ita ta kai wa tela, ta angonci ce. Matarsa ta fari ke nan, ƴar Badagishiri, ta rasu wajen haihuwa auren bai shekara ba, kuma Baba ya hana a ambace ta gaban Inna. Ta faɗi sunan sau ɗaya, a hankali. Na ari fensir wajen jikanta na rubuta shi a bayan hoton, ƙarƙashin 318/7.