Ranar da Aka Saki Sakamakon WAEC

Tun bayan sallar asuba labari ya zagaye unguwarmu ta Tudun Wada cewa sakamakon WAEC ya fito, kuma kafin ƙarfe takwas na riga na zauna a zaure da wayar Yaya a hannuna. Na rubuta lambar jarrabawata mai alƙaluma 10 a takarda, bakwai na cibiya, uku nawa, tare da PIN da lambar katin dubawa. Katin nan sau biyar kacal ake amfani da shi, saboda haka na ƙudura cewa duk dannawa ɗaya zan lissafa ta kamar yadda Inna ke lissafa mudun shinkafa.

Na cike komai, na yi bisimilla, na danna Submit, sai ƙaramar da'irar nan ta shiga juyawa kamar dutsen niƙa, har alamar 4G da ke saman wayar ta koma E. Duk wanda ya ga wannan harafi ya san cewa ko gaisuwa ba za ta wuce ba, balle sakamako. Na sa wayar a Airplane mode na cire, sabis ya dawo da sanda ɗaya, ya leƙa mu, ya sake tafiya.

Ƙanena ya rantse cewa a saman katanga, kusa da bishiyar darbejiya, sabis ya fi ƙarfi, don haka ya haye ya ɗaga wayar sama kamar mai neman jinjirin wata. A can ne shafin ya buɗe rabi: ga sunana, ga lambata, amma daga nan zuwa ƙasa fari fat. Kaka, wadda ke tsintar wake a tsakar gida, ta ce, "Angona, idan sun rubuta sunanka daidai ai ka ci, ka kawo mini tukuicina." Na yi mata bayani cewa sai da kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi, kafin jami'a ta saurare ni, kuma daga C6 zuwa sama ne kiredit. Ta ce ita dai ta ji shida, kuma shida ta fi biyar.

Da la'asar hadari ya haɗo, aka ɗauke wuta, caji ya sauka zuwa kashi 9. Yaya ya ce in haƙura sai dare ya raba, lokacin da masu dubawa suka ragu, kada in ƙarar da katin, tunda a lissafina saura biyu.

Ƙarfe biyu saura kwata shafin ya buɗe gaba ɗaya. Turanci C6, Lissafi C4, kiredit bakwai cif. Na ɗauki hoton allon sau uku kafin in yi hamdala da ƙarfi, sai na ji muryar Kaka daga ɗakinta tana tambaya ko shidan nan tata ta fito.