Layi ɗaya a takardar 'yan sanda ya ci min naira dubu 900

Ƙanena ne ya doki bayan wata mota da tawa motar a hanyar Bauchi zuwa Gombe. Babu wanda ya ji rauni, alhamdulillahi. Hankalina a kwance yake, domin ina da inshorar nan ta naira dubu 15, wadda tun Janairun 2023 take biyan ɓarnar da ka yi wa dukiyar wani har naira miliyan 3. Gyaran motar mutumin dubu 900 ne. Kamfanin inshora ya ƙi biyan ko kwabo.

Abin da ya jawo, jawabin da ƙanena ya bayar a ofishin 'yan sanda. Akwai maƙwabtanmu biyu a motar, da ya tsaya shan mai suka cusa masa wani abu don kara. Da aka tambaye shi ya faɗa yadda abin yake, mai rubutu kuma ya rubuta cewa ya ɗauko fasinja sun biya kuɗin mota. Inshorata ta motar gida ce, a jikin takardarta an rubuta cewa ba ta shafi ɗaukar mutane don kuɗi ba. Da wannan layin motata ta koma motar haya a idon kamfani.

Yaron a gajiye yake, jikinsa na rawa, aka miƙo masa biro ya sa hannu bai karanta ba. Yana da ikon cewa a karanta masa a fassara masa da Hausa, a soke abin da ba daidai ba, ya sa hannu a gefen gyaran. Da na ce masa, "Kai yanzu ko dubawa ba ka yi ba?" sai ya ce, "Yaya, ni so nake kawai a sallame ni."

Akwai kuma rikicin kwanan wata. Hatsarin ya faru ƙarfe 12:30 na dare, wato an riga an shiga ranar 15, amma rahoton ya ce 14, ni kuma na cike fom ɗin kamfani da 15. Suka tsayar da komai wai takardu sun saɓa. Wannan ya gyaru da takardar rantsuwa daga kotu da hotunan waya masu nuna lokaci. Da a ce ranar 15 inshorar ta fara aiki, wannan kwana ɗayan kaɗai ya isa a ce motar ba ta da inshora.

Maganar fasinja ce ta ƙi gyaruwa. Ƙanena ya koma ya ba da ƙarin jawabi, maƙwabtan ma suka rubuta nasu, amma jawabin farko ba a cire shi daga fayil. Lauyan da na gani ya ce ana iya ja a kotu, sai dai tambayar farko da za a yi wa yaron ita ce, wannan ba sa hannunka ba ne? Na lissafa kuɗin shari'a da watannin da za ta ci, na biya mutumin kashi uku.