Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Katin Tafawa Ɓalewa

A makon jiya na tsaya a inda aka ɗauke ni aiki a wani ƙaramin ofishin bincike, aka haɗa ni da dattijon da kowa ke kira Malam. Aikin da aka ba mu shi ne mu shirya wa ɗalibai littafi mai ɗauke da sunayen ministoci da manyan 'yan majalisar sarakuna, kowane da muƙaman da ya riƙe da shekarun da ya yi a kansu. Da na ji haka sai na ce a raina ai wannan aikin kwafi ne. Malam bai yi mini dogon bayani ba, ya dai miƙo mini damin farin kati, ya ce kowane muƙami katinsa daban, kuma kowane kati ya amsa abu huɗu: sunan muƙamin kamar yadda ake kiransa a lokacin, ranar hawa, ranar sauka, da takardar da ta faɗi haka.

"Fara da Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗana," in ji shi. "Kowa gani yake ya san shi, shi ya sa ba wanda ke dubawa."

Akwai wata ƙasida da wani ya kawo mana tun kafin in zo, wai ta rage mana wahala. Layi uku ta ba shi. Ta ce Ministan Ayyuka na Tarayya daga 1952, sai Ministan Sufuri, sai Firayim Minista daga 1960 zuwa 1966. Tsaf take a ido, shekara na bin shekara ba giɓi. Malam ya sa jan biro ya ja layi a ƙarƙashin kalmar Tarayya, ya tambaye ni yaushe Nijeriya ta zama tarayya. Amsar ita ce 1 ga Oktoba 1954, da tsarin mulkin da ake jingina wa Lyttelton. A 1952 tsarin Macpherson na 1951 ake bi, wanda ya kafa Majalisar Ministoci ta tsakiya a Legas, kowane yanki daga cikin ukun yana kawo ministoci huɗu. Saboda haka abin da ya shiga katin farko shi ne Ministan Ayyuka na gwamnatin tsakiya, 1952. Wani zai ce kalma ɗaya ce kawai. To amma yaron da ya haddace waccan ƙasida ya tafi da tarayyar da ba a kafa ba tukuna, kuma wata rana shi ma zai koyar da wasu.

Katin Sufuri ne ya fi cin lokacinmu. Littattafan da ke kan kantarmu ba su yi baki ɗaya a kan shekarar da ya hau ba, wasu sun ce 1954, wasu sun ce 1955. Na kawo wa Malam shawarar mu ƙirga, ɓangaren da ya fi yawa mu bi shi. Ya yi dariya har sai da ya cire tabarau.

"Littafi biyar da suka kwafo daga littafi ɗaya ai shaida ɗaya ce, ɗana."

"To Allah gafarta Malam, me za mu rubuta?"

Abin da ya koya mini a ranar shi nake amfani da shi har yau. In ranar hawa ta rikice, sai ka nemi wani abu tabbatacce da mutumin ya yi yana kan kujerar, ka kafa turke a nan. Tafawa Ɓalewa ya je Amurka a 1955 yana Ministan Sufuri, domin ya ga yadda ake zirga-zirgar jiragen ruwa a kogin Mississippi, da tunanin abin da za a iya yi da Neja da Binuwai. Wannan ya nuna cewa a 1955 muƙamin yana hannunsa. Bai nuna a shekarar ya hau ba. Sai muka rubuta da biro cewa yana riƙe da shi a 1955, gurbin ranar hawa kuwa muka cika shi da fensir, da shekarun biyu da sunan littafin da ya kawo kowace. Ƙa'idar ofishin kenan: biro na abin da takardar zamanin ta tabbatar ne, fensir na abin da ke jiran tabbaci.

Takardun zamanin da Malam ke nufi su ne Gazet ta gwamnati, inda ake buga sanarwar naɗi, da kundin muhawarorin majalisa, wanda galibi yake ɗauke da jerin ministoci a shafukan farko, sai jaridun makon da abin ya faru. Ko su ma sai an karanta su da hankali, domin naɗi ɗaya yakan zo da rana uku. Akwai ranar da aka sanar, akwai ranar rantsuwa, akwai kuma ranar da takarda ta ce naɗin ya fara aiki. Ranar da aka buga Gazet ɗin kanta tana iya biyo baya da makonni. In waɗannan ranaku suka faɗo tsakanin Disamba da Janairu, sai marubuta biyu su ba ka shekara biyu, kuma ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Mu ranar fara aiki muke ɗauka in mun same ta, mu rubuta a bayan katin wace rana ce muka bi.

Sai babbar kujerar. Ƙasidar ta fara ta daga 1960, kuma na san mutane da yawa haka suka riƙe, saboda hoton bikin 'yanci ya zauna a zuciya. Amma a 1957 aka ƙirƙiro ofishin Firayim Minista na Tarayya, kuma Gwamna Janar James Robertson ya naɗa Tafawa Ɓalewa a shekarar. Wato ƙasidar ta cinye masa shekara uku, ta ƙara wa Sufuri su a ɓoye. Wannan ita ce ɓarnar da ta fi yawa a irin wannan jeri: in an matsar da farkon wani muƙami, ƙarshen na bayansa ma ya matsa, ba tare da kowa ya lura ba.

A nan muka yi gardama ta gaske da Malam. Shi yana ganin layi ɗaya ya isa, 1957 zuwa 1966, tunda suna ɗaya ne kuma mutum ɗaya ne bai taɓa sauka ba. Ni kuwa na ce kujerar 1957 ba ita ce ta 1960 ba. Kafin 1 ga Oktoba 1960 tsaro da harkokin waje suna hannun Gwamna Janar, Firayim Minista yana da iyakar da ba ya ƙetarewa. Bayan ranar ne ya zama shugaban gwamnatin ƙasa mai cin gashin kanta. Malam ya ce in haka ne sai ka sake yankawa a 1 ga Oktoba 1963, ranar da aka zama jamhuriya, Nnamdi Azikiwe ya tashi daga Gwamna Janar ya koma Shugaban Ƙasa, sannan ka yanka a zaɓen 1959 da na 1964, kafin ka ankara ka yi gunduwa-gunduwa da kujera ɗaya. Muka tsaya a tsakiya. Layi ɗaya muka bar shi, 1957 zuwa 1966, da ɗan bayani a ƙasa cewa shekaru ukun farko kafin 'yanci ne. Har yanzu ina ganin raba shi biyu ya fi amfanar ɗalibi, amma Malam ne mai ofis.

Abin da ƙasidar ba ta kawo ba sam shi ne harkokin waje. Da aka samu 'yanci Tafawa Ɓalewa bai naɗa kowa a wannan ma'aikata nan take ba, shi ya riƙe ta da kansa har 1961, lokacin da Jaja Wachuku ya karɓa. Wannan kati ya hau kan katin Firayim Minista, shekarunsu suna cuɗanya. Haka ma kujerarsa ta Majalisar Wakilai, domin a tsarin da ake bi a lokacin minista ɗan majalisa ne, bai bar wannan don ya hau waccan ba. Mai tsara jeri yakan so ya ga muƙamai sun jeru kamar matakalar bene, a sauka daga wannan a taka wancan, sai ya rufe muƙami don kawai wani ya buɗe. Malam ba ya yarda a rubuta ranar sauka sai an ga ɗaya daga cikin abu uku: takardar murabus ko sauyi, sunan magaji da ranar da ya hau, ko rushewar gwamnatin gaba ɗaya. Hanyar da ta fi sauri ita ce ka juya jerin, ka bar bin mutum ka bi kujera. Ka jero duk waɗanda suka riƙe ma'aikata ɗaya a jere. In ka ga mutum biyu a wata guda, ko ka ga shekara ta wuce ba kowa a kai, to ɗaya daga cikin katunanka yana da ciwo, ko kuma akwai mai riƙon ƙwarya da ba ka gano ba.

Lambar girma ta Sir da aka ba shi a 1960 ba mu sa ta cikin muƙamai ba. Ba ofis gare ta ba, ba magaji, ba ranar sauka. Muka ba ta gurbi daban a ƙasan shafi. Shekarunsa na koyarwa a Midil ta Bauchi da zamansa a Majalisar Dokoki ta Legas daga 1947 suka shiga sama, ƙarƙashin abin da ya gabaci minista.

Ranar sauka ta ƙarshe ita ce 15 ga Janairu 1966, daren da sojoji suka ɗauke shi daga gidansa a Legas. Ba a ga gawarsa ba sai bayan kwanaki, kuma ba a rantsar da wani Firayim Minista a madadinsa ba, domin ragowar ministoci sun miƙa mulki ga Manjo Janar Aguiyi-Ironsi. Na tambayi Malam ko mu sa ranar da aka tabbatar da rasuwarsa. Ya ce a'a, katin na muƙami ne, kuma ikon ya bar hannunsa ranar 15. A gurbin dalilin sauka muka rubuta juyin mulki, gurbin magaji kuwa muka rubuta cewa an soke ofishin. Layi uku na ƙasida suka zama kati biyar, ɗaya da fensir a jikinsa.

Da na ɗaure su da roba na kai masa, sai ya turo mini wani damin. Na wazirai ne, a samansu Waziri Junaidu na Sakkwato, wanda ya riƙe sarautar daga 1948 har rasuwarsa a 1997. Nasa da sauƙi. Na kakanninsa ne aiki, domin shekarunsu da lissafin Hijira aka rubuta su, kuma shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, don haka yawanci takan ratsa shekara biyu. Yadda muka yi da su sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.