Kada ku cika kasko don mutane sun cika shago

Ƙannena masu koyon girki a gidajen abinci, akwai ranar da za a bar muku kicin ku kaɗai, kuma ba lallai a sanar da ku da wuri ba. Tawa ranar ta faɗo cikin azumi. Maigidana ya tafi jinyar mahaifiyarsa, ya bar ni da yaran da ke kai abinci. Ana kiran magariba oda ta fara zubowa, kusan kowa dafa-duka da soyayyar kaza yake so.

Kazar da na soya da la'asar ta ƙare nan da nan. Akwai ɗanya da aka yanyanka, ban tafasa ta ba tun da rana, don na ɗauka wadda na soya za ta isa. Sai na kwashe ta na zuba a kasko har baki. Kaskon da ke ɗaukar yanka goma na ɗora masa ninki biyu.

Ga abin da ke faruwa in an yi haka. Naman sanyi gare shi, ga ruwa a jikinsa, yana shiga mai sai zafin man ya faɗi. Kunne ma yana gaya maka: ƙarar suyar nan mai kaifi ta mutu, kumfa ta taso, kaza ta koma dahuwa tana shan mai. Da na ga haka na ƙara wuta, bayanta ya yi ja, cikinta bai nuna ba. Aka dawo mini da faranti, cinya da jini a jikin ƙashi, kuma mai azumi ne ya yi odar. Har yau abin yana damuna. Sauri ya haifi nawa, domin sai da na sake suyar daga farko.

Ku tafasa kaza da albasa da kayan ƙamshi tun kafin la'asar, fiye da yadda kuke zaton za a ci, ku tsane ta a kwando. Tafasasshiya 'yan mintuna take so a mai. Ku jefa yankan albasa, in ya taso yana ƙara nan take, mai ya yi. Ku zuba kaɗan-kaɗan, ku bar mai ya sake zafi kafin zubi na gaba. In kuna shakka, ku tsaga cinya har ƙashi ku duba.

Ina can kan kaza shinkafa ta kama. In kun ji ƙauri kada ku juya, ku sauke ku juye ta sama a wata tukunya, ku bar ƙanzon.

Sannan ku buɗe baki. Ni shiru na yi, yaran suna ta karɓar odar abin da babu. Da na ce musu kaza sai bayan minti ashirin, akwai kifi a shirye, da yawancin mutanen sun karɓi kifin ko sun je sun yi salla sun dawo.