Oda ɗaya ta naira 21,500 da yadda ta bi ta cikin littafin lissafi

Lokacin da na karɓi aikin haɗa manhajar odarmu da littafin lissafi, a wani shagon atamfa da ke sayarwa ta intanet a Kano, abin da na tarar shi ne kowace oda tana da gurbi ɗaya na kuɗi, wanda ake gogewa a sake rubutawa duk sanda wani abu ya canza. Ƙarshen wata ya zo, akanta ya nemi bayanin bambancin da ke tsakanin manhaja da takardar banki, amma babu wanda ya iya nuna inda ya samo asali.

Ga yadda muka koma rubutawa: kowane rubutu yana da ɓangare biyu, debit da kiredit, waɗanda dole jimillarsu ta zo daidai. Wata mata ta sayi kaya na naira 20,000, harajin sayen kaya na kashi 7.5 cikin ɗari ya kama 1,500. Sai mu yi debit ɗin 21,500 a asusun bashin da muke bin masu saye, mu yi kiredit ɗin 20,000 a asusun ciniki da 1,500 a asusun haraji.

Kuskurena na farko a wurin biya ne. Da ta biya da kati, na tura 21,500 kai tsaye zuwa asusun banki, alhali kuɗin suna hannun kamfanin da ke karɓar mana biya, wanda ya cire ladansa na 400 ya turo 21,100 washegari. Dole muka buɗe asusun tsakiya na kamfanin: biyanta yana share bashinta ya sauka a can, sannan idan kuɗi sun iso, banki ya ɗauki 21,100, asusun lada ya ɗauki 400, tsakiya ta koma sifiri.

Da ta dawo da rabin kayan, ban taɓa layukan farko ba. Na ƙara sababbi: debit 10,000 a asusun kayan da aka dawo da su, debit 750 a haraji, kiredit 10,750 a asusunta, wanda ya zauna a matsayin bashin da take bin mu har ranar da kuɗin suka fita.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne saƙon tabbatar da biya da ya iso sau biyu, manhaja ta rubuta duka biyun. Jimillar debit da kiredit ta yi daidai, domin kowane rubutu daidai yake a kan kansa, don haka binciken da na dogara da shi bai ga komai ba. Wanda ya kama shi shi ne duba ragowar kowace oda a asusun bashin da muke bin masu saye, wato receivable:

```sql
SELECT order_id FROM ledger_lines
WHERE account = 'receivable'
GROUP BY order_id
HAVING SUM(debit - credit) <> 0;
```

Odar da manhaja ta ce an biya, kuma babu kuɗin da ake jiran mayar wa mai ita, amma ta fito a nan, tana da matsala. Tun daga lokacin lambar kowane biya ta zama wadda rumbun bayanai ba ya karɓa sau biyu.